Rigar da ta yi tsawo kuma ta matse

Saura kwana goma bikin ƙanwarta, wata mata a Kano ta karɓi doguwar rigar da ta yi oda daga wani shagon intanet na China. A kantunan gida lamba 14 take sakawa, wato lissafin Birtaniya da yawancin masu sayar da ɗinkakkun kaya a Najeriya ke bi. Da ta ga shafin babu 14, sai haruffa, ta zaɓi XL, a ganinta ma ta bar wa kanta sarari. Rigar ta zo da launin da ta gani a hoto, yadin ba laifi. Amma zif ya tsaya a tsakiyar baya ya ƙi hawa, ƙasan rigar kuma na sharar ƙasa.

Ta kai wa telanta tana faɗa, wai an turo mata kayan wata. Ya juya wuyan rigar, ya nuna mata ɗan ƙyallen da ke ciki. Ƙarƙashin XL an rubuta 170/92A.

"Hajiya, abin da kika danna shi aka kawo miki," in ji shi. "Awon ne ba na nan ba."

Wannan rubutu shi ne ainihin girman rigar a tsarin China, kuma ya fi harafin XL faɗar gaskiya. Lambar farko tsawon mace ce a santimita, ta biyu kewayen ƙirjinta. Harafin ƙarshe yana nuna bambancin ƙirji da ƙugu. A na nufin ƙugun ya gaza ƙirji da santimita 14 zuwa 18. Ke nan an yanka rigar ne don mace mai tsawon 170, ƙirji 92, ƙugu wajen 74 zuwa 78. Shaguna da yawa a can suna fara S daga 155/80A, kowane mataki a ƙara biyar a tsawo, huɗu a ƙirji.

Tela ya ɗauko tef. Ƙirjinta inci 39, in aka ninka da 2.54 ya ba da santimita 99. Tsawonta 160. Rigar ta gaza ta da santimita bakwai a faɗi, kuma an yi ta don wadda ta fi ta tsawo da santimita goma. Wannan ita ce alamar da ake gane cewa tsarin awo ne ya bambanta: riga ta matse a sama, ta yi ragowa a ƙasa. Da ƙaramar lamba aka aiko mata bisa kuskure, da gajarta za ta yi tare da matsewar. A wannan jeri sai ta hau matakai biyu, zuwa 3XL, kafin ƙirji ya kai 100, can kuma tsawon ya ƙara yi mata yawa.

Ko lambobin ma ba su da amana. Abin da Birtaniya ke kira 14, Amurka 10 take ce masa, Jamus 40, Faransa 42, Italiya 46. Mai sanya 14 da ta danna 14 a shagon Amurka, 18 ɗin Birtaniya za ta karɓa. Abayar Dubai kuwa wani lissafi ne daban: 54 ko 56 tsawon rigar ne a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, bai ce komai kan faɗi ba. Ni a ganina, lambar da ba ta zo da jadawalin santimita ba, ba abin dogaro ba ce, domin babu dokar da ta tilasta wa kamfanoni yanka iri ɗaya. Jadawalin ma sai an lura ko awon jiki yake nunawa ko na rigar. In an ga ƙirji 50, an shimfiɗa rigar ne aka auna gefe guda, kewayenta 100, kuma yadin da ba ya miƙewa yana son ya fi jiki da santimita biyar zuwa takwas.

"To Malam, a buɗe ta mana," ta ce.

Ya nuna mata ɗinkin ciki. Masana'anta ba ta barin rara kamar telan gida. Abin da ke bayan zaren bai wuce santimita ɗaya ba, an kuma datse bakinsa. Mayar da ita China kuwa, kuɗin aike zai iya kamo kuɗin rigar, kuma biki zai wuce kafin wata ta iso.

Sai ya yanke santimita takwas daga ƙasan, ya raba gida biyu, ya farke gefuna daga hammata zuwa kwankwaso ya dasa su. Bayan ɗinki kowane gefe ya ƙaru da shida. Da yake yadin mai launi ɗaya ne, ƙarin bai fito sosai ba. Da mai zane ne, zanen zai kwanta a karkace kowa ya gani. Hannun rigar ne bai sami yadin da zai ƙara masa ba, haka ta je bikin yana ɗan kama ta a dantse.