Taɓa Ka Biya: Shin Mai Sayen Waya a Kano Yana Buƙatar NFC?

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, mai saye kan tsaya gaban wayoyi biyu masu kama da juna, allo ɗaya, batir ɗaya, amma ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta kuɗi. In ya tambayi dalili, sai mai shago ya juya kwali ya nuna masa haruffa uku: NFC. "Da wannan, Alhaji, taɓawa kawai za ka yi ka biya." Maganar gaskiya ce, sai dai rabinta aka faɗa.

Abin da ke cikin wayar shi ne ke cikin katin banki mai alamar nan ta layuka huɗu masu lanƙwasa. In aka fasa irin wannan kati, za a ga siririyar wayar tagulla an naɗa ta zagaye da gefensa, an haɗa ta da wata 'yar ƙwayar lantarki da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Babu batir a ciki. Na'urar mai shago ce ke fitar da maganaɗisu a kan zangon megahaz 13.56, kuma da zarar kati ya matso, wayar tagullar nan sai ta tsotsi wutar da za ta farkar da ƙwayar, su yi magana da na'ura, a gama cikin abin da bai kai daƙiƙa guda ba. Dole sai an kusanto sosai, kamar santimita 4, wato faɗin yatsu biyu. Wannan gajartar da gangan aka yi ta, domin kada na'ura ta karanta katin wanda ke tsaye a bayanka a layi.

Ba a kanti wannan fasaha ta fara samun gindin zama ba, a tashar jirgin ƙasa ne. Hong Kong ta fito da katin Octopus a 1997, Japan ta kawo Suica a 2001, Landan ta biyo da Oyster a 2003. Dalilin a fili yake: inda dubban mutane ke turereniya a ƙofa ɗaya da sassafe, daƙiƙa goma na neman canji bala'i ne. Abin da ya sa ke nan a Najeriya ma wurin da aka fi sabawa da taɓawa shi ne motocin BRT na Legas, inda fasinja ke ɗora katin Cowry a kan na'ura ya wuce. Wayoyi daga baya suka shigo, bayan Nokia da Philips da Sony sun haɗu a 2004 sun kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar NFC.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar biya ta taɓawa. Ya ƙayyade naira 15,000 a biya ɗaya, da naira 50,000 a jimlar yini. Abin da ya haura haka sai an tabbatar da mai kati, ta lambar sirri ko makamanciyarta. Waɗannan alƙaluma su ne amsar tambayar da kowa ke fara yi, wato in kati ya faɗi fa? A ɗauka katin wani magidanci ya sulale a cikin adaidaita sahu da hantsi. Wanda ya tsinta zai iya shiga kanti ya taɓa sau uku, dubu sha biyar-biyar, ya ƙara da dubu biyar, a nan iyaka ta tsayar da shi har gobe. Dubu hamsin ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashi. Don haka duk mai irin wannan kati ya kamata ya haddace lambar rufe kati ta bankinsa, ya kuma bar saƙon sanarwa a kunne.

Tsoron da ya fi yawo, cewa wani zai goga na'ura a aljihunka a cikin cunkoso ya kwafe katinka, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A kowane biya ƙwayar tana ƙirƙirar sabuwar lambar shaida wadda ba ta aiki sau biyu, kuma kuɗin da aka cira dole ya sauka a asusun ɗan kasuwa mai rajista da suna. Waya ma ta fi kati tsaro, domin tana ɓoye ainihin lambar katin ta aika da wata a madadinta, kuma galibi sai an buɗe ta da yatsa ko fuska.

To, a nan ne rabin maganar da mai shago bai faɗa ba. Kafin waya ta biya kuɗi sai abubuwa uku sun haɗu: wayar tana da NFC, bankin mai ita ya yarda a ɗora katinsa a manhajar biya, sannan na'urar mai kaya tana karɓar taɓawa. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ado ne. Mai tumatir a 'Yan Kaba, mai shayi, ɗan adaidaita, yawancinsu tsabar kuɗi suke so, in ta ƙure su karanto maka lambar asusu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, kuma wannan ba ya buƙatar NFC ko kaɗan, ƙaramar waya mai madannai ma tana yi. Sannan taɓawa ba ta maganin ciwon da ya fi damun jama'a. In sabis ya ɗauke, na'urar mai POS za ta tsaya tana juyi, ko an taɓa ko an zura, kuma matsalar nan ta a cire kuɗi a ce biya bai shiga ba tana nan daram.

Akwai dai amfanin da ba na kuɗi ba. Fasfo ɗin da Najeriya ta fara bayarwa a 2007 yana da irin wannan ƙwaya, ɗauke da hoto da bayanan mai shi, kuma ba ta buɗuwa sai an fara karanta layukan da ke ƙasan shafin hoto. Wasu manhajojin shige da fice, irin na Birtaniya, kan nemi a ɗora waya a kan fasfo don tantance shi. Akwai kuma 'yan sitiku masu araha, irin NTAG213, da ke ɗaukar haruffa kusan 140. Tela ko mai gyaran waya zai iya rubuta lambarsa a ciki ya manna a teburi, abokin ciniki ya taɓa, lamba ta fito masa. In za a manna a irin wurin nan, a kulle sitikar bayan rubutu, domin in an bar ta a buɗe wani zai iya sauya abin da ke ciki. Kuma ba ta aiki a kan ƙarfe, sai irin wadda aka yi musamman don haka.

Wanda ya yanke shawarar saye kada ya dogara da kwali, domin samfurin waya ɗaya kan zo da NFC a wata ƙasa, ya zo babu a wata. Ya shiga Settings ya rubuta NFC a wurin nema, ya kunna, sannan ya ɗora katinsa mai alamar a bayan wayar yana matsar da shi a hankali, sama kusa da kyamara da kuma tsakiya. In ta yi ƙara ko ta girgiza, tana aiki. In shiru, ya cire rigar wayar ya sake gwadawa, domin riga mai kauri ko mai ƙarfe tana tare siginar. Haka a wurin biya, kati biyu a jaka ɗaya kan rikita na'ura, kuma saurin janye hannu kan sa a sake.

Mai yawan zuwa Legas, ko Dubai, ko Saudiyya inda kantuna suka saba da taɓawa, da mai harkar biza, NFC za ta yi masa rana. Wanda kuwa cinikinsa daga gida ne zuwa Kantin Kwari, gara ya zuba bambancin kuɗin a batir mai ɗorewa ko ƙarin ma'adana. In ma ya shiga babban kantin da ke karɓar taɓawa, katin bankinsa mai layuka huɗu zai biya ba tare da wayar ba.