Da aka kori hayaƙin taba daga wuraren taruwa, me asibitoci suka gani?

A watan Yuni na 2002, garin Helena da ke jihar Montana a Amurka ya hana shan taba a wuraren aiki da gidajen abinci da mashayai. Garin ƙarami ne, a keɓe yake, kuma asibiti ɗaya ne ke karɓar masu ciwon zuciya na yankin. Wannan ya sa ƙidaya ta zo wa likitoci da sauƙi. A shekarun baya, cikin wata shida irin waɗannan, mutum wajen 40 ake kwantarwa saboda toshewar jijiyar zuciya. Da dokar ta fara aiki sai suka koma 24. Bayan wata shida kotu ta dakatar da dokar, adadin kuma ya sake hawa.

Da rahoton ya fito a 2004 an yi ta yayata shi, ana cewa an samu ragin kashi 40 cikin ɗari. Amma mai lura zai ga cewa duka bambancin mutum 16 ne. A ƙaramin gari, irin wannan adadi yakan hau ya sauka da kansa, kamar cinikin mai shago da yau ya yi kyau gobe ya yi sanyi ba tare da wani dalili ba.

Amsa mai ƙwari daga Scotland ta zo. Dokarsu ta fara aiki ranar 26 ga Maris, 2006. Farfesa Jill Pell da abokan aikinta suka bi asibitoci tara, suka kwatanta wata goma kafin dokar da wata goma bayanta. Waɗanda aka kwantar da ciwon zuciya na gaggawa sun sauko daga 3,235 zuwa 2,684, wato ragin kashi 17 cikin ɗari. Sun san cewa ciwon yana raguwa tun kafin dokar, da kamar kashi 3 a kowace shekara, don haka suka leƙa Ingila, wadda ba ta riga ta kafa tata dokar ba. Can ragin kashi 4 ne kacal.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya ga maganar baki ba. Marar lafiya yana iya ɓoye wa likita cewa yana shan taba, saboda haka suka auna kotinin a jini, wato abin da jiki ke mayar da nikotin. Da shi ake gane mai sha, da kuma wanda hayaƙin wasu kawai yake shaƙa. Sai ya bayyana cewa kashi biyu cikin uku na ragin daga marasa shan taba ya fito. A cikin waɗanda ba su taɓa sa sigari a baki ba, kwanciyar asibiti ta ragu da kashi 21.

To, yaya zuciya za ta amsa cikin watanni, alhali sankarar huhu takan ɗauki shekaru? Sirrin yana cikin jini. Zaman minti talatin a ɗaki mai hayaƙi ya isa ya sa ƙwayoyin da ke daskarar da jini su riƙa manne wa juna, ya kuma rage wa jijiyoyi iya buɗewa. Matashi mai lafiya ba zai ji komai ba. Amma dattijon da kitse ya riga ya ƙuntata jijiyar zuciyarsa, gudan jini ɗaya na iya toshe ta. Idan hayaƙin ya kau, wannan haɗarin yakan sauka da wuri.

Ingila ta kafa tata dokar a Yuli na 2007. Da aka duba bayanan asibitocin ƙasar baki ɗaya, aka cire raguwar da ake samu da ma da tasirin sanyin hunturu, abin da ya saura kashi 2.4 ne, kimanin mutum 1,200 a shekarar farko. Daga 40 zuwa 17 zuwa 2.4 ke nan. Wani ɓangare na wannan tazara daga tsaurin lissafi ya fito, wani kuma wataƙila saboda wurare da yawa a Ingila sun riga sun hana shan taba da kansu, dokar ba ta tarar da hayaƙi mai yawa ba. A ganina Helena ta zuzuta lamarin, ba ƙirƙirarsa ta yi ba.

Akwai sharaɗi guda. Da aka haɗa bincike da dama a 2012, an ga ragin ya fi girma inda dokar ta game ofis da gidan abinci da mashaya ba tare da togiya ba. Dokar Nijeriya ta 2015 ta bar ƙofar keɓe wa masu sha wurinsu, kuma ma'aikacin da ke kai abinci cikin wannan wuri yana shaƙar hayaƙin tun safe har a tashi.