Wasiƙar neman aiki ko shago: Inda ake sa adireshi, kwanan wata, lamba da take

Kafin shugaban ofis ya karanta wasiƙar da aka aika masa, sai ta bi ta hannun akawun rajista. Shi kuwa akawu bai cika karanta cikin wasiƙa ba. Saman takarda yake dubawa ya ga daga ina ta fito, yaushe aka rubuta ta, wane fayil ta shafa, kuma me ake nema. Idan ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, takardar tana iya kwana a tire har wa'adi ya wuce.

Wannan matsala ta fi fitowa fili a garuruwan kan iyaka irin su Illo da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, inda 'yan kasuwa ke hulɗa da ofisoshin Najeriya da na Jamhuriyar Benin, alhali tsarin wasiƙa a ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Illo da ke neman a ba shi shago a kasuwa. Ga yadda saman wasiƙarsa zai kasance. A kusurwar dama ta sama:

Unguwa da lambar gida ko shago,
Illo,
Ƙaramar Hukumar Bagudo,
Jihar Kebbi.
14 ga Afrilu, 2025.

Sai a sauko layi ɗaya ko biyu, a koma hagu:

Shugaba,
Ƙaramar Hukumar Bagudo,
Bagudo, Jihar Kebbi.

Ranka ya daɗe,

NEMAN A BA NI SHAGO A KASUWAR ILLO

Adireshin mai rubutu

A tsarin da makarantun Najeriya ke koyarwa, wanda aka gada daga Turawan Ingila, adireshin mai rubutu yana zama a sama ta dama, na wanda aka rubuta wa kuma a ƙasa da shi ta hagu. Ba a sa suna a saman adireshin, domin wurin suna shi ne ƙarshen wasiƙa, a ƙarƙashin sa hannu. Masu buga wasiƙa da kwamfuta kan jera komai a hagu, wannan ma karɓaɓɓe ne, muddin dai adireshin mai rubutu ne a sama kuma an bar fili tsakaninsa da na ofishin.

Amfanin adireshi shi ne amsa ta iso. Wanda ya rubuta "Illo" kawai ya bar masinja da aikin cigiya. Inda babu lambar gida, sai a ambaci unguwa da wata alama sananniya, ko a rubuta "ta hannun" mai unguwa ko ofishin hakimi, a ƙara da lambar waya. Wanda kuma ya yi amfani da takarda mai ɗauke da tambarin kamfaninsa ba ya maimaita adireshi. Amma ma'aikacin da ke neman wani abu na ƙashin kansa, kamar canjin wurin aiki, kada ya ɗauki takardar ofis mai tambari, domin ita muryar ofis ce, ba tasa ba.

Kwanan wata

Yana zuwa ne nan da nan a ƙarƙashin adireshin mai rubutu, kuma a jere shi rana, wata, shekara. Ya fi kyau a rubuta sunan watan da haruffa. Wanda ya rubuta 04/05/2025 yana nufin 4 ga Mayu, amma kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka takan fara da wata, sai wani ya karanta shi 5 ga Afrilu. Bambancin wata guda ke nan.

Akwai kuma abin da masu nema ke mantawa: ranar da ke kan wasiƙa shaida ce ta lokacin rubutu kawai. Ranar da ofis ya fi aiki da ita ita ce ta hatimin karɓa. Idan an rufe karɓar takardu ranar 16 ga Afrilu, ɗan kasuwar ya rubuta ranar 14 amma bai kai Bagudo ba sai ranar 17, kwanan watan da ya sa ba zai cece shi ba. Saboda haka ya tafi da kwafi biyu, a buga hatimi a kan nasa ya dawo da shi.

Lambar takarda

Nan ne aka fi yin kuskure. Lambar da ake gani a wasiƙun gwamnati a gaban "Our Ref" ta ofishin da ya rubuta ce. Yawanci takan ƙunshi taƙaitaccen sunan ofis, lambar fayil, juzu'in fayil ɗin, da shafin da kwafin wasiƙar zai zauna. "Your Ref" kuwa lambar wancan ɓangaren ce da ake ba wa amsa. Dukansu suna zama a sama, kusa da kwanan wata, kafin adireshin wanda aka rubuta wa.

Mai nema na farko ba shi da fayil, don haka ba shi da lambar da zai sa. Ya bar wurin, kada ya ƙirƙira, kada kuma ya kwafo ta wani daga tsohuwar wasiƙar da ya gani a shagon buga takardu, domin hakan na iya kai takardarsa fayil ɗin wani. Amma idan ƙaramar hukumar ta amsa masa ta nemi ƙarin takardu, dole wasiƙarsa ta biyu ta ɗauko lambar wannan amsa daidai, harafi da harafi, tare da ranarta. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya sa lambar fayil ɗinsa, sannan a ƙarƙashin adireshin wanda ya rubuta wa ya ƙara "Ta hannun" shugaban sashensa, ya bar fili domin sa hannu.

Take

Take yana zuwa bayan gaisuwa, kafin sakin layi na farko. A rubuta shi da manyan haruffa, ko kuma da ƙanana a ja masa layi. Ya faɗi abin da ake nema da wurin. "Neman taimako" bai gaya wa akawu sashen da zai tura takarda ba, amma "Neman a ba ni shago a kasuwar Illo" ya gaya masa. Buƙatu biyu, kamar shago da fili, wasiƙu biyu ne, tunda fayil ɗinsu daban. Kalmar "RE:" kuma, a al'adar ofisoshin Najeriya, ana sa ta ne idan ana komawa kan maganar da aka riga aka buɗe, a maimaita taken farko ba canji.

Idan aka tsallaka iyaka

Wanda zai rubuta wa ofis a Malanville ko Segbana a Benin zai tarar da tsarin Faransanci, wanda kusan kishiyar wannan ne. Sunan mai rubutu da adireshinsa suna sama ta hagu. Gari da kwanan wata suna sama ta dama a layi ɗaya, kamar "Illo, le 14 avril 2025", wanda aka rubuta wa kuma yana ƙasa da su ta dama. Take yana farawa da "Objet", kuma yana zuwa kafin gaisuwa, lamba kuwa "Réf." ce.

Don haka mai ba da wasiƙa a buga masa a yankin Illo ya fara faɗin ƙasar da za ta je. Kafin ya sa hannu, ya rufe cikin wasiƙar da tafinsa ya dubi saman kaɗai: idan baƙo zai iya sanin inda amsa za ta je, ranar rubutu, da abin da ake nema, to takardar ta isa kai wa rajista.