Lambar shasi: abin da haruffa 17 ke faɗa game da motar da za ka saya

Jama'a masu bin shirye-shiryenmu daga Ƙonni, Malbaza da Illela, da ƴan uwa mazauna Kwatano, Lome, Abijan da Turai, yau zancen mota za mu yi. Galibin motocin da ke shigowa yankinmu na hannu ne, kuma sau da yawa mai biyan kuɗin bai ga motar da idonsa ba. Ɗan uwa ne zai aiko hoto, ko dillali ya ce "ƴar 2008 ce, lafiya lau". To akwai shaida guda da ke jikin motar ita kanta, wato lambar shasi, wadda a takardun waje ake rubutawa VIN.

Tun daga 1981 motocin da ake sayarwa a Amirka ke ɗauke da lamba mai gurbi 17, haruffa da alƙaluma a gauraye, kuma Turai ma tsarin 17 ɗin take bi. Ba a sa I, O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Saboda haka in ka ga harafin O a lambar da ke kan takardar mota, ko dai mai bugawa ya yi kuskure, ko akwai magana.

Bari mu ɗauki misalin wata Korola. Mu muka haɗa lambar don koyarwa, amma bisa ƙa'idar ta gaske:

```
2T1 BR32E 1 5 C 123456
```

Gurbi uku na farko su ke faɗin ƙasa da kamfani. Alƙalamin 2 na nufin Kanada, T na Toyota ne, 1 kuma ƙaramar mota. Da a Japan aka ƙera ta, da JT za ta fara. Wadda ta fara da 1, 4 ko 5 ƴar Amirka ce, W ta Jamus, K galibi ta Koriya, L ta Sin. Fijo ta Faransa galibi da VF3 take farawa, Hilus da yawa kuma da MR0 ta Tailan ko AHT ta Afirka ta Kudu. Abin lura shi ne wurin da aka ƙera motar kawai wannan ke nunawa. Ba ya nuna inda ta yi zama. Mota na iya farawa da JT alhali duk rayuwarta a Beljik ta yi.

Daga gurbi na 4 zuwa na 8 siffar motar ce, kuma kowane kamfani da irin nasa tsarin. A wannan Korolar, B na nufin mai ƙofa huɗu da but, R inji ne mai lita 1.8, E kuma ita ce alamar Korola. Ba sai ka haddace ba. Amfaninsa yana wajen sayen kayan gyara: in za ka aika a sayo maka wani ƙarfe daga Sakkwato ko Yamai, aika da lambar gaba ɗaya, ta fi ka ce "Korola irin ta Alhaji".

Yanzu ga inda rigimar ciniki take, gurbi na 10. A motocin da aka yi wa kasuwar Amirka da Kanada, shi ke faɗin shekara. Harafin Y shi ne 2000. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9. Daga 2010 aka koma haruffa: A 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017, a tsallake I, sai J 2018, K 2019, L 2020. A gurbin nan ba a sa U, Z ko 0. Tamu Korolar 5 ke gare ta, ke nan ƴar 2005 ce, ko da dillali ya rantse cewa 2008 ce. Kuma da wuya ido ya gane, domin Korolar Amirka daga 2005 zuwa 2008 kusan kamarsu ɗaya. Shekara uku kuwa ba wasa ba ce a farashi.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Haruffan suna zagayowa duk shekara 30, A ta taɓa zama 1980 kafin ta zama 2010, amma wannan ko yaro ya dubi motar zai raba. Na biyun ya fi muhimmanci garemu, tun da motocinmu da dama daga Turai suke: dokar Turai ba ta tilasta sa shekara a gurbi na 10 ba. Wasu kamfanoni, irin su Bolsuwaja, suna sawa. Amma Toyotar da aka yi wa kasuwar Turai, kamar Abensis mai farawa da SB1 ko Yaris mai farawa da VNK, ba za ka dogara da wannan gurbi nata ba. Mutum zai iya ƙirga shekara a kanta ya zargi ɗan uwansa da cuta a banza. A irin waɗannan, ranar rajistar farko da ke kan tsohuwar takardar motar ta Turai ake dubawa.

Mun tsallake gurbi na 9 da gangan, don shi ne mai gadin sauran. A motocin Amirka da Kanada, kowane harafi ana ba shi ƙimar alƙalami, kowane gurbi kuma da adadin da ake ninka shi da shi. A tara duka, a raba da 11, abin da ya yi saura shi ake rubutawa a gurbi na 9. In saura 10 ne, sai a sa X. A misalinmu jimilla 298 ce, a raba da 11 saura 1, ga kuwa 1 a wurin. To a ce wani ya goge 5 ɗin shekara ya mai da ita 8. Gurbi na 10 da 9 ake ninka shi, don haka ƙarin uku ya zama 27, jimilla ta koma 325, saura 6. Lambar na cewa 1, lissafi na cewa 6, asiri ya tonu. Ba sai ka yi lissafin da hannu ba, shafin hukumar NHTSA ta Amirka na yin sa kyauta, duk mai babbar waya zai iya buga lambar ya gani. Amma ƙwararren maƙaryaci na iya canza gurabun biyu tare, kuma yawancin motocin Turai ba su da wannan mai gadi.

Gurbi na 11 masana'anta ce. C ɗin nan ta Toyota ce da ke garin Kambirij a jihar Ontariyo, wanda ya yi daidai da 2 ɗin Kanada da muka gani a farko. Shida na ƙarshe kuwa lambar jeri ce, ita ke raba wannan mota da ƴan uwanta da suka fito tare.

Lambar ba ta faɗin ko motar ta yi haɗari, ko ta sha ruwa, ko an biya mata duwan. Abin da za ka iya yi a tsaye, ko a tashar Badagishiri ne ko a bakin iyaka, shi ne ka gwada ta a wurare uku: ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tambarin da ke jikin ginshiƙin ƙofa, da wadda aka buga a ƙarfen motar, a ɗakin inji ko a ƙasa kusa da kujerar gaba. Duka su yi daidai da ta kartigiris da ta takardar duwan, harafi da harafi. Ka shafa wurin da yatsa. Sabon fenti a daidai nan kaɗai, ko alamar walda kewaye da lambar, ko haruffan da ba su tsaya a layi guda ba, sun isa ka kira bakaniken da ka yarda da shi kafin ka ƙirga ko jikka ɗaya.

Ƴan uwa na waje masu turo mota gida, ku ɗauki hoton lambar a jikin ƙarfe, ba ta takarda kawai ba, ku aiko kafin a loda ta a jirgi.