Aikin rukuni a aji mai yara 90: yadda malami ke bin diddigin darasinsa

Manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati da dama ajin ya kan ninka haka. Malamin da ya raba irin wannan aji rukuni-rukuni sau da yawa da ciwon kai yake fita, yana cewa abin ba ya yiwuwa. Domin kauce wa wannan saurin yanke hukunci ne ake koya wa ɗaliban koyon malanta rubuta rahoton waiwaye, kuma tsarin da ya fi shahara shi ne wanda Graham Gibbs ya fitar a 1988, mai matakai shida.

A ɗauki misalin malama mai yara 90 da darasin lissafi na minti 40. Matakin farko, ta rubuta abin da ya faru tsagwaronsa, a ranar, tun kafin mantuwa ta shiga: rukuni tara masu yara goma-goma, takarda ɗaya ga kowane rukuni, jan benci ya cinye minti 12. Sai ta faɗi yadda ta ji, wato ranta ya ɓaci da hayaniyar. Na uku, ta tantance abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba: rukuni shida sun samo amsa, amma da ta tambayi yaran da ke gefe, sai suka yi tsuru-tsuru.

Mataki na huɗu, binciken dalili, nan gizo ke saƙar, kuma shi aka fi tsallakewa. Rubuta cewa yaran ba sa ji bai warware komai ba. Yara goma ba za su iya leƙa takarda ɗaya ba, don haka biyu ko uku masu ƙoƙari suka rungume aikin, sauran suka koma hira. Amsar da ta fito daidai ma ruɗi ce, domin ta yaro ɗaya ce, ba ta rukuni ba.

Daga nan malamar ta kai ga matsaya cewa girman rukunin ne ya kawo cikas. Shirinta na gaba kuwa dole ya zama wanda za a iya aunawa. Ba za a ɗaga benci ba. Yara uku na gaba su juyo su fuskanci uku na baya, a sami rukuni 15 masu yara shida. Kowane yaro ya riƙe lamba daga 1 zuwa 6, ita kuma ta kira lambar da ta ga dama ta ba da amsa, ta yadda babu mai laɓewa bayan wani.

Ba za ta iya zagaya rukuni 15 a darasi ɗaya ba. Sai ta tsaya kan biyar kowace rana, ta rubuta abin da ta ji suna faɗa, wanda da shi za ta buɗe rahoton mako mai zuwa.