Takarda Biyu a Gaban Mai Gida

Ruwan farko da ke fita daga famfo da asuba a tsohon bene, launin shayi ne da shi. Sai an bar shi ya zuba kusan bokiti guda kafin ya washe. 'Yan hayan hawa na ƙasa sun saba da hakan, amma na saman ƙarshe ko wannan ba su samu, domin shawarsu ɗigo take yi kamar indararo bayan ruwan sama ya ɗauke. Duk wanda ya zauna a benayen haya da aka gina a Kano ko Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ya san wannan hali, kuma ya san inda ake dora laifin: hukumar ruwa, ko injin rijiyar burtsatse, ko maƙwabcin da ke wanki kullum. Sau da yawa mai laifin yana cikin bango.

A ɗauki misalin wani bene mai hawa uku a Kano, fulat shida, kowanne da banɗaki biyu da kicin. Bayan an gaji da faci, mai gidan ya kira masu aikin famfo biyu ya ce kowa ya kawo masa takardar ƙiyasi, wadda su masu sana'ar ke kira kwateshan. Na farko ya aiko da layi uku a waya: canja fayif na gida duka, kaya da aiki, kuɗi kaza. Na biyu ya kawo shafi biyu cike da rubutu, da guntun ƙarfe mai tsawon yatsa a cikin leda, kuma kuɗinsa ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Guntun ƙarfen nan shi ne buɗin takardar. Ya yanko shi ne daga bayan banɗakin sama, ya miƙa wa mai gidan ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ɗaga shi ka duba rana ta ciki." Ramin da ya kamata ɗan yatsa ya shiga, da ƙyar tsinken tsire zai wuce.

Bututun da ake kira galbanaiz ƙarfe ne da aka tsoma a narkakken zinki, irin wanda ake shafa wa kwanon rufi. Zinkin ne ke tare tsatsa, amma ruwa yana cinsa a hankali, kuma ranar da ya ƙare sai ƙarfen ya fara yin ƙuraje daga ciki, suna tsiro suna haɗewa har su cike hanya. Wurin da ya fi saurin lalacewa shi ne mahaɗa, saboda lokacin da aka yanka zaren ɗauri a bakin bututun an kankare zinkin, an kuma rage kaurin ƙarfen. Shi ya sa damshin da ke kumbura fenti yake yawan fitowa a kwana ko a gindin famfo. Daga waje bututun zai iya zama garau, wannan ne ma ke yaudarar masu gida. Ga kuma wani abu da ba a gani: zinkin da, yakan zo da ɗan burbushin dalma, abin da ba a so ko kaɗan a ruwan da yara ke sha.

Me ya sa na sama suka fi jin jiki? A yawancin gidajenmu tanki ne ke ba da ruwa daga bisa, nauyin ruwan ne kawai ke tura shi. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da ƙarfin turi kusan ba ɗaya, ma'aunin da ke jikin agogon injin ruwa. A wannan benen, shawar hawa na ƙasa tana da kusan mita 9 a ƙarƙashin tanki, ta saman ƙarshe kuwa mita 3 kacal. Mai mita 9 zai iya tura ruwa ta cikin tsatsa ya fito. Mai mita 3 ba shi da rarar da zai yi asara.

Daga nan ne takarda ta biyu ta shiga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda kuma ta farko ba ta ko ambata ba: wane bututu za a sa, kuma mai wane faɗi. Ta rubuta cewa za a yi amfani da bututun roba mai suna PPR, wanda aka fi gani kore a kasuwar Ƙofar Ruwa, mai lambar PN20 a jikinsa, wato mai kaurin da ke ɗaukar ruwan hita. Sannan ta ce layin cikin kowane fulat zai zama na milimita 25, ba 20 ba.

Wanda bai sani ba zai ce ai wannan neman ƙarin kuɗi ne, tunda a kasuwa mai milimita 20 ake miƙo wa duk wanda ya ce a ba shi rabin inci. Amma lambar da ke jikin PPR faɗin waje take nufi, kuma bangonsa kauri ne da shi. Mai milimita 20 na PN20, ramin cikinsa 13.2 ne kawai, alhali sabon galbanaiz na rabin inci yana da wajen 16. In aka yi lissafin filin da ruwa ke bi, kusan kashi biyu cikin uku ne ya rage. Mai milimita 25 kuwa cikinsa 16.6 ne, shi ne ainihin magajin tsohon bututun. Mai aikin da ya zuba 20 a gida duka ya rage kuɗin kaya, ya ci kwangila, ruwa ya fito fari tas, amma matar da ke hawa na sama in ta buɗe famfon kicin, shawar mijinta sai ta yi sanyin jiki. A lokacin an riga an yi filasta an manna tayil.

Takardar ba ta tsaya ga faɗi ba, ta ƙirga. Kowane banɗaki yana da wurin fitar ruwa huɗu: shawa, wurin wanke hannu, tankin masai da famfon bokiti. Biyu sun zama takwas, a ƙara na kicin da na hita, goma ke nan a fulat, 60 a gida duka. Ta auna wajen mita 40 na bututu a kowane fulat, kuma da yake PPR ana sayar da shi sanda-sanda mai mita 4, sanda 10 ke nan, 60 a jimla, da ƙarin 6 saboda guntaye. Kowane fulat kuma zai sami layinsa na milimita 32 tun daga tanki, da bawul ɗinsa. A tsohon tsari layi ɗaya ne ke ciyar da kowa, famfo ɗaya ya lalace sai a kashe wa gidaje shida ruwa. Mai gida ba sai ya iya aikin famfo ba kafin ya amfana da wannan ƙirga. Zai iya shiga fulat ɗaya ya ƙirga famfunan da kansa, zai kuma iya ɗaukar jerin ya shiga kasuwa ya tambayi farashi.

Sai maganar hanya. Ko a fasa bango a binne, ko a bi ta waje a ɗaure da kilif a huda a shiga. Binnewa ta fi kyan gani, amma tana cin tayil, kuma tayil ɗin da aka manna shekara arba'in da suka wuce ba a samun irinsa. Bi ta waje ya fi sauƙi da arha, sai dai hasken rana yana cin PPR har ya fara gari yana tsagewa, don haka dole a yi masa fenti ko rufi. Takardar ta ba da farashin kowanne daban, ta bar wa mai gida zaɓi. Ta kuma faɗi a fili abin da ba ya cikin kuɗin: aikin birkila, tayil, fenti, da sabbin kawunan famfo. Rigimar da ake yi da masu aiki a ƙarshen kwangila, yawancinta a nan take kwance, a abin da kowa ya ɗauka ɗayan ne zai biya.

Akwai layi ɗaya da mai gidan ya kusa tsallakewa: a kira mai aikin lantarki ya duba waya kafin a cire ƙarfe. A wasu tsofaffin gidaje, wayar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa a jikin bututun ruwa aka ɗaure ta. Roba ba ta ɗaukar wuta. In aka cire ƙarfen ba a kafa sandar ƙasa ta daban ba, ranar da hita ta samu matsala, jikin mai wanka ne zai zama hanya.

Mai gidan ya tambaya, kamar yadda kowa zai tambaya, ko ba za a canja na sama kawai a bar sauran ba. Amsar tana shafi na biyu. Tsohon bututu in aka sa masa sifana, tsatsar ciki tana zubewa ta bi ruwa ta toshe shawa da tankin masai na waɗanda ba a taɓa ba, zaren da ya ruɓe kuma yakan karye cikin bango. Sannan mahaɗar PPR bakin tagulla gare ta, tagulla kuwa in ta haɗu da tsohon ƙarfe cikin ruwa, ƙarfen ne ke saurin cinyewa. Abin da ya yarda da shi shi ne a raba aikin gida-gida: a ja sabbin layuka daga tanki tukuna, tsohon yana aiki, sannan a shiga fulat ɗaya bayan ɗaya, a sanar da ɗan haya kwana biyu kafin a zo, kada kowa ya kwana babu ruwa.

Shi ma haɗa PPR yana da nasa tarko. Ba gam ake sa masa ba, narka shi ake yi da injin da ke kai zafin digiri 260, daƙiƙa biyar zuwa takwas gwargwadon faɗi. Yaron da ya bar shi ya wuce lokaci, ko ya danna da ƙarfi, robar za ta naɗe ciki ta toshe rabin hanya, daga waje kuma ba a ganin komai. Saboda haka takardar ta yi alkawarin abu biyu kafin a rufe bango: za a matsa ruwa cikin layin da famfon gwaji a bar agogo a kai a ga ko allura za ta sauka, za kuma a buɗe kowane famfo a gaban mai gida ko wakilinsa. Ta ƙara da man janareta a lissafi, tunda injin narkawar ba ya jiran a kawo wuta.

Ƙarshen takardar maganar kuɗi ce. Farashin kaya na mako biyu ne, in ya wuce a sake tambaya, abin da ya zama ruwan dare tun da darajar naira ta shiga hawa da sauka a 2023. Kafin alƙalami na sayen kaya ne, da rasit. Kuɗin aiki kashi-kashi, kason ƙarshe sai bayan gwaji. Ga kuma wa'adin watannin da zai dawo ya gyara yoyo kyauta.

Mai gidan ya kira na farko ya tambaye shi wane faɗi zai sa. Ya ce rabin inci mana, Alhaji, kamar yadda aka saba. Da ya tambaye shi tayil, sai ya ce ai wannan na birkila ne.

Ya koma kan takarda ta biyu ya zaɓi bi ta waje, ya nemi ragi a kuɗin aiki, aka ɗan rage masa. Abu ɗaya kawai ya ga babu a ciki, ya sa aka ƙara da biro a ƙasan shafi: tsohon ƙarfen da za a ciro, wanda 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli, na mai gida ne.