Idan iPhone Ta Maƙale a Tambarin Tuffa Bayan Sabunta Manhaja

Duk lokacin da aka kunna iPhone, tambarin tuffa na kamfanin Apple ne ke fara bayyana, ya ɗan jima, sannan wayar ta buɗe. A cikin wannan ɗan lokaci wayar tana tayar da babbar manhajarta, wato iOS, tana kuma tantance cewa babu abin da ya lalace a cikinta. Idan sabunta manhajar ya katse a tsakiya, tantancewar ba ta kammaluwa, sai wayar ta tsaya cak a kan tambarin, ko ta riƙa mutuwa tana kunna kanta babu iyaka. Abubuwan da suka fi katse aikin su ne cikar ma'ajiyar wayar, mutuwar batir, da gutsurewar kebul idan ta kwamfuta ake sabuntawar.

A mafi yawan lokuta hotuna da saƙonni da lambobin waya suna nan daram. iPhone tana ajiye manhajar iOS a ɓangare guda na ma'ajiyarta, kayan mai ita kuma a wani ɓangaren daban. Abin da ya lalace shi ne ɓangaren manhaja, kamar gidan da ƙofarsa ta cije alhali kayan ɗaki suna ciki lafiya lau. Saboda haka ana iya sake zuba manhajar ba tare da an taɓa kayan ba, muddin an bi hanyar da ta dace. Sau da yawa a wajen gyaran ake asarar bayanai, idan an yi garaje.

Ba kowace tsayuwa ce maƙalewa ba. Idan akwai sandar da ke nuna tafiyar aiki a ƙarƙashin tambarin, to sabuntawar ce ke gudana, kuma tana iya daɗewa a wuri ɗaya kamar ba ta motsi. Shawarar Apple ita ce a jira sandar ta yi fiye da awa ɗaya ba ta gusa ba kafin a ɗauki mataki. A saka wayar a caji a ƙyale ta. Wanda ya kashe ta a wannan hali yana iya jawo matsalar da yake gudu da hannunsa.

Idan awa ta wuce, sai a gwada tilasta mata sake tashi. A iPhone 8 da duk waɗanda suka biyo bayanta, ana danna maɓallin ƙara sauti a saki nan take, a danna na rage sauti a saki, sannan a danne maɓallin gefe har fuskar wayar ta yi baƙi tambarin ya sake fitowa. A iPhone 7 ana haɗa maɓallin gefe da na rage sauti a danne su tare. A iPhone 6s da na kafinta kuwa, maɓallin tsakiya na ƙasa ake haɗawa da na kunnawa. Wannan ba ya goge komai. Idan an gwada sau ɗaya ko biyu wayar ta koma gidan jiya, maimaitawa ba za ta ƙara komai ba, an zo wurin da ake buƙatar kwamfuta.

Yanayin farfaɗowa, wanda masu gyaran waya ke kira rikabari, wani hali ne da wayar ke shiga inda take daina ƙoƙarin tayar da manhajar da ta lalace, ta tsaya jiran kwamfuta ta miƙo mata sabuwa. Ana buƙatar kwamfuta mai intanet da kebul mai kyau. A kwamfutar Mac mai macOS Catalina na shekarar 2019 ko wanda ya fi shi sabunta, Finder ake buɗewa. A tsofaffin Mac, iTunes ne. A Windows kuma akwai Apple Devices ko iTunes, kuma ya kamata a sabunta su kafin a fara. Ba dole ne kwamfutar ta zama ta mai wayar ba, ta aro ma za ta yi. Kebul ɗin dai ya zama na asali ko mai inganci, a kuma cusa shi kai tsaye a jikin kwamfutar, domin akwai kebul masu arha da caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai.

A ɗauki misalin iPhone 11 da ta maƙale bayan an bar ta tana sabunta kanta cikin dare. Mai ita zai haɗa ta da kwamfuta, ya buɗe manhajar, sannan ya bi maɓallan nan uku: ƙara sauti, rage sauti, danne na gefe. Bambancin kawai shi ne wannan karon ba zai saki ba idan tuffa ta bayyana. Zai ci gaba da dannewa har sai hoton kebul da kwamfuta ya fito a fuskar wayar, tare da rubutun support.apple.com/iphone/restore a sama. A nan mutane da yawa ke kuskure, suna ganin tambarin sai su saki, wayar ta koma inda take. Kwamfutar za ta sanar da cewa wayar tana da matsala, ta ba da zaɓi biyu, Update da Restore.

A kan waɗannan kalmomi biyu lamarin gaba ɗaya ya rataya. Update yana sake zuba iOS a kan wadda ta lalace, ya bar ɓangaren kayan mai waya yadda yake. Restore yana share wayar tas, ya mayar da ita kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Sunan Restore yana ruɗar mutane, don wanda ya ɗan ji Turanci zai zaci dawo masa da kayansa za a yi. Kuma sharewar iPhone ba ta da magani. Duk abin da ke cikinta a kulle yake da mabuɗan sirri da ke ɗaure da wani guntu na musamman a cikin wayar da kuma lambar sirrin mai ita. Restore yana lalata mabuɗan, daga nan babu wata manhaja ko gwanin gyara da zai iya karanta abin da ya saura. Don haka wanda zai kai wayarsa shago, ko a kasuwar Farm Center ta Kano ce ko wani wuri, ya dace ya faɗa ƙarara cewa Update yake so, domin idan aka ce filashin, galibi gogewa ake nufi.

Bayan an danna Update, kwamfutar za ta fara sauko da cikakkiyar manhajar iOS daga wurin Apple. Fayil ɗin babba ne, yakan kai gigabayit 6 ko fiye. Ita kuwa wayar minti 15 kawai take jira, idan saukewar ta wuce haka sai ta fita daga yanayin farfaɗowa ta koma kan tambarin. Kafin gigabayit 6 ya sauka a minti 15, sai intanet ɗin yana kawo kusan megabayit 7 a kowace daƙiƙa ba yankewa, wanda da wuya datar waya ta yi hakan a unguwanni da yawa. Don haka ganin wayar ta fita ba alamar gazawa ba ce. A bar saukewar ta ci gaba har ta ƙare, ko da za ta ɗauki awa biyu, sannan a sake shigar da wayar yanayin farfaɗowa a sake danna Update. Wannan karon fayil ɗin yana cikin kwamfutar, aikin zai tafi kai tsaye. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, laftof mai cikakken caji ta fi kwamfutar tebur aminci, saboda ɗaukewar wuta ana tsaka da zuba manhaja tana mayar da aikin baya.

Yayin zubawar, tuffa da sandar aiki za su fito, wayar za ta kashe kanta ta kunna sau ɗaya ko biyu, kuma bai kamata a taɓa kebul ɗin ba. Wani lokaci bayan an gama, farin shafi yakan bayyana da rubutun Attempting data recovery, wayar ta nemi lambar sirri. Wannan alama ce mai kyau: wayar ta ga kayan, tana buɗe su tana daidaita su da sabuwar manhajar. Yakan ɗauki lokaci, kuma a nan ma haƙuri ake so. Lambar sirrin wajibi ce, wanda ya manta ta babu wata hanyar da za ta buɗe masa kayan.

Idan Update ya gaza, kwamfutar takan nuna lambar kuskure, kuma lambar tana nuna inda za a duba. Lambobi 9, 4005, 4013 da 4014 suna nufin sadarwa tsakanin wayar da kwamfutar ta yanke ana cikin aiki. Maganin farko shi ne canza kebul, canza ramin da aka cusa shi, ko a koma wata kwamfutar. Idan duk an canza lambar ba ta daina fitowa ba, zargi yakan koma kan kayan cikin wayar. Lamba 3194 ko 17 kuwa tana nufin kwamfutar ta kasa samun amincewar Apple, galibi saboda matsalar intanet ko wata manhajar tsaro da ta toshe hanya. Gazawar Update ba ta goge komai, ana iya maimaita shi sau da yawa.

Mafi wuyar sha'ani ita ce wayar da ma'ajiyarta ta cika maƙil kafin sabuntawar, irin mai gigabayit 64 da bidiyoyin WhatsApp suka cinye. Masu gyara sun saba ganin lamba 14 ko 1110 a irin wannan hali. Sabuwar manhajar tana buƙatar filin da za ta baje kanta, filin babu, kuma ba za a iya goge ko hoto ɗaya ba tunda wayar ba ta buɗe. Wasu wayoyin sukan tashi bayan an maimaita Update, wasu ba sa tashi. Idan aka yi sa'a ta buɗe, abin yi nan take shi ne goge manyan fayiloli da ɗaukar kwafin ajiya kafin a sake kashe ta. Manhajojin da ake sayarwa da alkawarin gyara wannan matsala, yawancinsu aikin Update ɗin nan suke yi cikin wata riga, kuma wasunsu suna da maɓallin da ke gogewa. Haka ma yanayin DFU da wasu ke ba da shawara, ta Finder ko iTunes gogewa yake kaiwa.

Waya a yanayin farfaɗowa ba a iya ɗaukar kwafin kayanta, don haka kafin a yanke shawarar Restore sai a binciki abin da aka riga aka ajiye. Shiga icloud.com daga wata na'urar zai nuna hotuna, lambobi da rubuce-rubucen da suka hau can. Apple gigabayit 5 kawai yake bayarwa kyauta, kuma mutane da yawa ajiyarsu ta daɗe da tsayawa ba su lura ba, saboda haka a duba kwanan watan abin da ke ciki. Idan akwai kwafi na kwanan nan, Restore ba asara ba ce, ana gamawa sai a dawo da kayan. Idan babu, kuma kayan suna da muhimmanci, gara a ajiye wayar yadda take a nemi ƙwararren da ke gyaran allon cikinta, don kayan suna nan muddin ba a goge ba. Wanda ya zaɓi gogewa kuma ya tabbatar yana da adireshi da kalmar sirrin asusun Apple da ke kan wayar, domin makullin Activation Lock zai nemi su da zarar ta tashi. Wannan ya fi shafar masu wayoyin da aka saya na hannu, waɗanda asusun tsohon mai su ko na wanda ya saita musu wayar a shago ke kanta har yanzu.